Daga saƙon waya zuwa teburin shugaba: yadda ake mayar da hirar yau da kullum wasiƙar neman ganawa

Me ya sa ƙungiyoyin Hausawa a Legas suke yawan kukan cewa sun nemi ganin shugaban ƙaramar hukuma ko wani kwamishina amma an yi biris da su, alhali idan aka bincika sai a tarar abin da suka aika bai taɓa zama buƙata a idon ofis ba? Maganar tana yawan tasowa a majalisun 'yan kasuwa daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, musamman idan damina ta kawo jiki. Wasu na ganin raini ne ake yi wa baƙo, wasu kuma na cewa sai da hanya ake ganin babba. Ba a rasa gaskiya a maganganun biyu, amma akwai dalili na uku da ba a cika ambatawa ba, wato sau da yawa abin da ake kira wasiƙa saƙon WhatsApp ne aka kwafe shi a kan takarda, aka ɗora masa doguwar gaisuwa a sama.

Abin da ya raba saƙo da wasiƙar hukuma

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa bambancin yana cikin girman kalmomi, har a ɗauka idan an cire "mitin" an sa "ganawa", an kuma jero kirari, to aiki ya kammala. Ainihin bambancin yana wajen mai karantawa. Saƙon waya ana aika shi ga wanda ya san mai magana, ya san wurin da ake nufi, ya kuma san abin da ya faru jiya, saboda haka rabin zancen ba a rubuta shi. Wasiƙar hukuma kuwa da wuya wanda aka rubuta wa ya zama farkon mai karanta ta. Tana fara faɗawa hannun akawun da ke karɓar takardu, ya buga mata hatimi da kwanan wata ya shigar da ita rajista, daga nan ta wuce wajen sakatare ko mataimaki, wanda shi ne zai taƙaita wa shugaba abin da ke ciki a jimla ɗaya ko biyu. Idan wannan mataimakin ya karanta bai iya faɗin su wane ne suka rubuto, me suke so, kuma yaushe suke so ba, takardar za ta kwanta a fayil ba tare da kowa ya ƙi ta ba.

Saboda haka aikin mai sake rubutun kashi biyu ne. Zai dawo da abin da saƙon ya bari a zuciyar masu hira, sa'annan ya cire abin da ba ya tsayuwa sai tsakanin waɗanda suka saba da juna.

Misali daga zauren 'yan kasuwa

A ɗauka wata ƙungiyar masu sayar da albasa da tumatir a wata kasuwa ta Legas ce ta ɗora wa sakatarenta rubuta wasiƙa, kuma abin da ke hannunsa saƙonni uku ne da aka turo a zaurensu:

"Slm Alhaji ya kasuwa. Dan Allah kugayama ciyaman munaso muganshi akan maganan gwatan nan, wlh ruwa yana shigowa har cikin rumfuna"

"Gsky abun yayi yawa, kullum ana karban kudi amma baa gyara komai"

"Inda hali gobe ko jibi muje mu sameshi, mu dayawa zamuje"

Duk ɗan kasuwar ya fahimci waɗannan saƙonni sarai, amma baƙon ido zai tsaya a kusan kowace kalma. "Ciyaman" na ƙaramar hukuma ake nufi ko na kasuwa? "Gwatan nan" wace magudanar ruwa ce, a wane layi take, kuma tun yaushe ta toshe? Rumfuna nawa ruwan yake shiga? Kafin sakatare ya rubuta ko da jimla ɗaya, wajibi ne ya koma wajen mutanensa ya samo waɗannan amsoshi, ya kuma zaga ya ƙirga rumfunan da kansa, domin adadin da aka sa a takarda za a iya aiko ma'aikaci ya tabbatar da shi. Idan aka rubuta rumfa 60 aka zo aka tarar 24 ne, an zubar da ƙimar sauran abin da ke cikin wasiƙar.

Saƙo na biyu shi ne mai haɗari. A zauren hira huce haushi ne, amma a kan takarda mai sa hannu ya zama zargi cewa ana cin kuɗi, kuma ba a ambaci mai karɓa ko irin kuɗin ba. Ba a ce a ɓoye maganar ba, sai dai a mayar da ita abin da za a iya tsayawa a kai: 'yan ƙungiya suna biyan kuɗin da aka ɗora musu, suna riƙe da rasit, kuma suna neman bayani a kan shirin gyara. Wannan ya isar da ƙorafin gaba ɗaya ba tare da ya tilasta wa shugaban ya fara da kare kansa ba. Wasiƙar neman ganawa ƙofa take nema a buɗe, cikakken ƙorafi kuwa a cikin ɗaki ake zazzage shi.

Saƙo na uku yana da matsala biyu. "Gobe ko jibi" ba su da ma'ana a takardar da za ta iya yin kwana uku kafin ta isa teburin da aka nufa, kuma suna ɗauke da sautin umarni. Ya fi kyau a ba da tazarar kamar mako biyu, a ambaci ranakun da ƙungiya za ta iya zuwa, a bar zaɓi a hannun ofis. Shi kuma "mu da yawa" ga mai tsara wa shugaba baƙi yana kama da zanga-zanga. Wakilai 4 ko 5 da aka faɗi muƙamansu sun fi saurin samun rana fiye da taron da ba a san iyakarsa ba.

Wa ya kamata a rubuta wa?

Wannan tambaya tana zuwa kafin ta salo, kuma a nan ne wasiƙu da yawa suke ɓata. Jihar Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da kundin tsarin mulki ya ambata, tana kuma da yankunan raya ƙasa 37 da jihar ta ƙirƙira, kowanne da shugabansa da sakatariyarsa. Mutum zai iya cewa yana zaune a Agege alhali layinsa yana ƙarƙashin Orile-Agege ne, kuma takardar da aka kai sakatariyar da ba ita ke da wurin ba, ba lallai ne wani ya ɗauki nauyin miƙa ta inda ya dace ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba sunan hukumar da ke jikin rasit ɗin da 'yan kasuwa suke karɓa.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta cikin ayyukan ƙaramar hukuma, haka ma ƙananan tituna da magudanun ruwa gwargwadon abin da majalisar jiha ta tsara. Manyan magudanun ruwa kuwa aikin ma'aikatar muhalli ta jiha ne, wadda ke sakatariyar Alausa a Ikeja. Don haka toshewar kwata a layin kasuwa maganar shugaban ƙaramar hukuma ce tukuna, kuma rubuta wa gwamna kai tsaye a kanta yawanci tsawaita hanya ne kawai, domin ƙasa za a sake turo ta.

Idan kuwa ma'aikata ce, akwai bambanci tsakanin kwamishina, wanda ɗan siyasa ne da gwamna ya naɗa, da babban sakatare, wanda shi ne shugaban ma'aikatan gwamnati na wurin. A kowane hali muƙami ake rubuta wa, ba mutum ba. Takardar da aka yi wa adireshi da muƙami tana nan a fayil ko an sauya mai riƙe da kujerar, amma wadda aka rubuta da sunan mutum kaɗai ana iya ɗaukarta a matsayin saƙonsa na kansa.

Laƙabi da gaisuwa

Hausa tana da tsari a nan, kuma masu karatu suna lura idan an karya shi. "Mai Martaba" na sarki ne, "Mai Alfarma" na Sarkin Musulmi ne, "Mai Shari'a" na alƙali ne, "Mai Girma" kuma shi ake yi wa gwamna da kwamishina da shugaban ƙaramar hukuma. "Allah ya ja zamaninka" addu'ar fada ce, ta dace da wasiƙar da za a kai wa Sarkin Hausawa, amma ba ta zauna daidai a takardar ma'aikata ba. "Ranka ya daɗe" ta wadatar, idan kuma mace ce sai "Ranki ya daɗe", kuma dole ne a bi dukan wasiƙar a gyara kowane "ka" ya koma "ki". Na taɓa ganin takardar da aka buɗe da "Ranki ya daɗe" amma aka rufe da "muna jiran amsarka", saboda an kwafo ta ne daga wata tsohuwar wasiƙa. "Yallaɓai" da "oga" na baki ne, ba a rubuta su.

Game da gaisuwa, al'adarmu ba ta yarda a faɗa wa magana kai tsaye ba, kuma ba na ganin ya kamata a jefar da wannan don a kwaikwayi bushewar wasiƙar Turanci. Sai dai jimla ɗaya ta isa. Tambayar iyali da gajiya da ruwa hakkin ganawar ido da ido ne. A Legas akwai ƙarin abin lura, domin mai karɓar takardar zai iya zama Musulmi ko Kirista, kuma idan ba a tabbatar ba "Bayan gaisuwa da fatan alheri" tana ɗaukar kowa, yayin da cikakkiyar sallama da "Haza wassalam" suka fi dacewa da fada ko malamai.

Yadda wasiƙar ta kasance bayan gyara

A saman takarda ana sa sunan ƙungiya da adireshinta da kwanan wata cikakke, sa'annan a gefen hagu muƙamin wanda aka rubuta wa da adireshin sakatariya. Abin da ya biyo baya shi ne:

Mai Girma Shugaba,

NEMAN IZININ GANAWA A KAN TOSHEWAR MAGUDANAR RUWA A LAYIN 'YAN ALBASA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu shugabannin ƙungiyar masu sayar da albasa da tumatir na wannan kasuwa muna neman izinin ganawa da kai na kimanin minti 30, domin mu gabatar da matsalar magudanar ruwan da ta ratsa bayan layinmu.

Magudanar ta toshe tun farkon daminar bana, kuma duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi yana shiga rumfuna 24, yana lalata kaya, yana kuma hana masu saye shigowa. 'Yan ƙungiyarmu suna biyan kuɗaɗen da hukuma ta ɗora musu, kuma mun haɗo kwafin wasu daga cikin rasit ɗin tare da hotunan wurin. Muna fatan jin shirin da hukuma take da shi na gyara, da kuma irin gudummawar da za mu iya bayarwa daga ɓangarenmu.

Wakilanmu za su kasance mutum 4: shugaba, da sakatare, da ma'aji, da dattijo ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa. Za mu iya zuwa kowace Talata ko Laraba a cikin makonni biyu masu zuwa, ko kuma duk ranar da ta fi dacewa da ofishinka. Ana iya samun sakatarenmu ta lambar wayar da ke ƙasa.

Muna godiya da kulawarka.

A ƙasa sai sa hannun shugaba da sakatare, kowanne da cikakken sunansa da muƙaminsa a rubuce ƙarƙashin sa hannun, da lambar waya ɗaya wadda mai ita yake ɗauka.

Wanda ya kwatanta wannan da saƙonnin farko zai ga babu wata kalma mai wuya da aka shigo da ita. Buƙatar ta fito a jimlar farko, kuma kanun wasiƙar kaɗai ya isa akawu ya san fayil ɗin da zai sa ta. Rantsuwar "wallahi" ta fita, hotuna da rasit sun maye gurbinta. An kuma ƙara abu ɗaya da babu shi a hirar, wato tayin gudummawa, kuma wannan ba a rubuta shi sai ƙungiya ta amince tukuna, domin sakatare ba shi da ikon ɗaukar wa mutane alkawarin da ba su yi ba. Duka wasiƙar ba ta wuce shafi ɗaya ba.

Ƙa'idar rubutu

Yatsa ya saba da gaggawar waya, shi ya sa kurakuran saƙo suke bin mutum har cikin wasiƙa. Mafi yawansu na haɗe kalmomi ne. Ana rubuta "za mu je" a rabe, haka "ya yi" da "ba a gyara" da "muna so mu gan shi", amma "muna" da "suna" a haɗe suke, kamar yadda "ofishinka" take a haɗe. "Maganan" da "karɓan" karin baki ne, a daidaitacciyar Hausa "maganar" da "karɓar" ake rubutawa tun da kalmomin mata ne. Haruffa masu ƙugiya kuma ba ado ba ne, domin "ƙasa" daban take da "kasa", "ƙafa" daban da "kafa", kuma wanda ya rubuta "nada" a inda yake nufin "naɗa" ya bar mai karatu da aikin cinta. Kalmomin aro da suka zauna a harshe, irin su ofis da rasit da sakatare, ba laifi ba ne, amma inda Hausa take da kalma tsayayya kamar "shugaba" da "magudanar ruwa", ita ta fi cancanta da takarda fiye da "ciyaman" da "gwata".

To, wa zai karanta Hausa a ofishin Legas?

Wannan ita ce tambayar da masu adawa da wahalar rubuta wasiƙar Hausa suke yi, kuma tambaya ce mai nauyi. Harshen aikin ofis a Legas Turanci ne, Yarabanci kuma shi ne harshen gari, har majalisar dokokin jihar takan yi zamanta da shi ranar Alhamis, kuma a 2018 aka sa hannu a dokar kare shi da bunƙasa shi. Wasiƙar Hausa tsurarta idan ta shiga rajista tana iya tsayawa har sai an sami mai fassarawa, kuma wanda aka samu ba lallai ne ya isar da ita yadda aka rubuta ba.

Duk da haka ra'ayina shi ne a fara da Hausar. Ita ce za a karanta a gaban 'yan ƙungiya kowa ya ji abin da ake shirin sa hannu a kai da sunansa, kuma ita ce ke hana rigimar da kan biyo baya, inda wani zai ce ba haka aka yi da shi ba. Idan aka fara da Turanci, mutum ɗaya ko biyu da suka yi boko su ne kaɗai suka san abin da aka aika. Bayan an amince da Hausar sai a fassara ta, a sa ta Turancin a sama, a manna ta Hausar a baya, duka biyun da sa hannu iri ɗaya. Inda wanda aka rubuta wa yake jin Hausa, kamar wani jami'in gwamnatin tarayya da aka turo Legas daga Arewa, ko fadar Sarkin Hausawa da ake so ta yi jagora, Hausar tana iya zama a gaba. Ko a nan ma, idan ofishin gwamnati ne, rakiyar Turancin tana da amfani saboda akawun da zai shigar da takardar.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, a nemi wanda ya san shugaba ya yi magana kawai. Gaskiya ne cewa kiran waya daga mai faɗa a ji yana gaggauta abu. Matsalarsa ita ce ba ya barin sawu. Idan mai hanyar ya ɓata da shugaban, ko aka sauya shugaban, babu abin da ƙungiya za ta nuna cewa ta taɓa nema. Sau da yawa ma shi kansa mai hanyar abin da za a ce masa shi ne su rubuto, don haka hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne: takarda tana shiga ta ƙofar rajista, mai hanya kuma ya tuna wa shugaba cewa tana kan teburinsa.

Bayan an kai takarda

Ana zuwa da kwafi biyu. Ɗaya za a karɓa, ɗayan kuma a roƙi akawu ya buga masa hatimin karɓa da kwanan wata ya sa hannu, a dawo da shi gida a adana. Na san ƙungiyar da ta ba wani direban ofis wasiƙarta don ya miƙa hannu da hannu, suka yi wata guda suna jira, da suka je bincike aka buɗe rajista babu alamar ta taɓa shigowa, kuma ba su da abin nunawa. Hoton wasiƙa da aka tura ta WhatsApp ga wani mataimaki shi ma tunatarwa ne kawai, bai zama miƙawa ba.

Ya kamata a san cewa babu dokar da ta tilasta wa jami'i ya ba da ranar ganawa. Wasu suna rikita wannan da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, amma ita wannan ta shafi neman bayani ko takardun hukuma ne, ba neman a zauna da mutum ba. Abin da ke hannun ƙungiya shi ne bibiya. Idan mako guda ya wuce, sakatare ya koma da kwafinsa mai hatimi ya tambayi teburin da takardar take. Amsar tana nuna halin da ake ciki: idan an ce tana wajen wani sashe, kamar na ayyuka ko na muhalli, to shugaba ya gani ya yi rubutu a kanta, kuma shugaban wannan sashen shi ne ya kamata a nema yanzu. Idan kuwa har lokacin tana inda aka bar ta, bayan mako biyu sai a rubuta gajeriyar wasiƙar tunatarwa mai sakin layi ɗaya, a ambaci kanun ta farko da ranar da aka buga mata hatimi, a manna kwafinta a baya, a kuma sabunta ranakun da wakilan za su iya zuwa tun da na farkon sun riga sun wuce.